TF-IDF: Yadda Na'ura Ke Auna Nauyin Kalma, da Misalin Takardu Uku

Duk wanda ya fara karatun yadda injin bincike ke aiki, ko yadda kwamfuta ke rarraba rubuce-rubuce, ba ya daɗewa sai ya ci karo da TF-IDF. Abin da ke rikitar da mutane shi ne, littafi ya ba da ƙa'ida ɗaya, malami ya rubuta wata a allo, manhajar da aka gwada kuma ta fito da lambobin da ba su yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai mai koyo ya ɗauka shi ne ya yi kuskure, alhali sau da yawa duka ukun daidai suke.

Tambayar da lissafin ke amsawa guda ɗaya ce: a cikin kalmomin da ke takarda, wacce ce ta fi nuna abin da takardar ke magana a kai? Na'ura ba ta san ma'anar kalma ba, ƙirga kawai ta iya. Don haka aka ba ta ƙirge biyu. Na farko tana yin sa a cikin takardar, na biyu a faɗin dukkan takardun da ke hannunta, sannan ta ninka ɗaya da ɗaya.

## Takardun uku

A wannan fage, "takarda" na nufin duk wani guntun rubutu da aka ɗauka a matsayin abu ɗaya, ko littafi ne sukutum, ko labarin jarida, ko jimla guda. Takardun da aka haɗa wuri ɗaya ana bincike a cikinsu kuwa su ne "tarin takardu". Ga namu tarin:

```
T1: Rana tana da haske, rana tana da zafi.
T2: Wata yana da haske da dare, ba shi da zafi.
T3: Ƙanƙara tana da sanyi sosai.
```

Kafin a fara lissafi, ana mayar da manyan haruffa ƙanana, a zubar da waƙafi da aya, a yanka jimla kalma-kalma. Da an yi haka, T1 tana da kalmomi 8, T2 tana da 10, T3 tana da 5. Kalmomin da suka bambanta da juna a tarin gaba ɗaya guda 13 ne.

A ce wani ya rubuta wannan tambaya a akwatin bincike: "me ke da sanyi". Ɗan adam zai miƙo T3 ba tare da wani tunani ba. Na'ura kuma sai an koya mata hanyar da za ta bi ta isa can.

## TF: sau nawa kalma ta fito a takardar

TF shi ne yawan fitowar kalma a cikin takarda guda. Tunanin da ke bayansa mai sauƙi ne: marubuci yakan maimaita abin da yake magana a kai. A T1 "rana" ta fito sau 2, "haske" sau 1, ke nan akwai alamar cewa rana ce jigon takardar.

Idan aka tsaya a kan wannan ɗanyen ƙirge, ga abin da zai faru da tambayarmu. "Me" da "ke" ba su fito a ko'ina ba, don haka babu takardar da ta samu maki daga gare su. Saura "da" da "sanyi". T1 tana da "da" sau 2, maki 2 ke nan. T2 tana da "da" sau 3, maki 3. T3 tana da "da" sau 1 da "sanyi" sau 1, maki 2. Takardar wata ce ta zo ta ɗaya, alhali ko sau ɗaya ba ta ambaci sanyi ba.

Abu biyu ne suka haddasa wannan. Na farko tsawo: T2 ta ninka T3 tsawo, kuma doguwar takarda tana da damar maimaita kowace irin kalma. Maganin da aka fi koyarwa shi ne a raba ƙirgen da adadin kalmomin takardar.

```
tf = sau nawa kalmar ta fito / jimillar kalmomin takardar
```

Da wannan gyara, "da" a T1 ta zama 2/8, wato 0.25. A T2 ta zama 3/10, wato 0.3. A T3 "da" da "sanyi" kowacce 1/5 ce, jimilla 0.4. Yanzu T3 ta haye sama, amma da ƙyar. Ratar da ke tsakaninta da T2 0.1 ce kawai, kuma takardu biyun da ba su da alaƙa da tambayar suna nan riƙe da maki masu kauri. Dalili na biyu ke nan, kuma shi ne babba: lissafin yana ɗaukar "da" da "sanyi" a matsayin kalmomi masu daraja ɗaya.

## IDF: a takardu nawa ta fito

A nan ake ɗaga kai daga takarda guda a dubi tarin baki ɗaya. Ga kowace kalma ana ƙirga takardun da ta bayyana a cikinsu, ana kiran wannan adadi df. A lura da kyau, domin nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe: df ba ruwansa da maimaituwa a cikin takarda. "Da" ta fito sau 6 a tarinmu, amma df ɗinta 3 ne, domin takardu uku ta shiga. "Rana" ta fito sau 2, duka a T1, don haka df ɗinta 1 ne.

Kalmar da ke cikin kowace takarda ba ta iya bambanta wata takarda da wata. Kamar a ce ka je neman mutum a cikin taro, aka kwatanta maka shi da cewa yana da kunne biyu. Gaskiya ne, amma bai rage maka ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda za ka duba ba. Kalmar da ke takarda ɗaya tak kuwa kai tsaye take nuna maka inda za ka je. Ana so ke nan nauyi ya riƙa hawa yayin da df ke sauka, shi ya sa ake juya lissafin, df ya koma ƙasa:

```
idf = log(N / df)
```

N shi ne adadin takardun tarin, a wurinmu 3. Idan aka yi amfani da `log` mai tushe 10, kalmominmu 13 sun kasu gida uku. "Da" ita kaɗai ce a takardu uku: 3/3 ya ba da 1, `log` na 1 kuma sifili ne. "Tana", "haske" da "zafi" suna takardu biyu-biyu: 3/2 ya ba da 1.5, IDF ɗinsu 0.176. Sauran tara, wato "rana", "wata", "yana", "dare", "ba", "shi", "ƙanƙara", "sanyi" da "sosai", kowacce a takarda ɗaya take: 3/1 ya ba da 3, IDF ɗinsu 0.477.

Me ya kawo `log` cikin maganar? A takardu uku amfaninsa bai fito sosai ba, sai an ƙaddara babban tari. A ce takardu miliyan ɗaya ne. Kalmar da ta fito a takarda ɗaya, N/df ɗinta 1,000,000 ne. Wadda ta fito a takardu dubu, nata 1,000 ne. In ba a yi komai ba, ta farko za ta ninka ta biyu nauyi sau dubu, kuma kalma guda da ba a saba gani ba za ta danne duk sauran kalmomin tambaya. `log` mai tushe 10 yana ƙirga sau nawa aka ninka goma ne, don haka miliyan ta koma 6, dubu ta koma 3. Baƙuwar kalma tana nan da rinjayenta, amma ninki biyu maimakon dubu. Amfani na biyu shi ne wanda muka riga muka gani: kalmar da ke ko'ina tana faɗawa sifili da kanta, ba sai wani ya sa hannu ya cire ta ba.

## Ninka su biyu

Nauyin kalma a takarda shi ne TF ɗinta a wannan takarda a ninka da IDF ɗinta na tarin. IDF guda ɗaya ce ga kowace kalma, TF ne ke sauyawa daga takarda zuwa takarda. Ga T1 a cike:

```
kalma   tf      idf     tf-idf
rana    0.250   0.477   0.119
tana    0.250   0.176   0.044
da      0.250   0       0
haske   0.125   0.176   0.022
zafi    0.125   0.176   0.022
```

Layuka ukun farko su ne abin dubawa. "Rana", "tana" da "da" duk sau biyu-biyu suka fito, TF ɗinsu ɗaya, ƙirgen cikin takarda ba zai taɓa raba su ba. IDF ce ta raba su: ta ɗaga "rana" sama, ta rage "tana" zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin "rana", ta share "da" gaba ɗaya. Kuma ba wanda ya gaya wa na'urar cewa "rana" suna ce, "da" kuma harafi ne na nahawu.

A T3 kowace kalma TF ɗinta 0.2 ne. "Ƙanƙara", "sanyi" da "sosai" sun samu 0.095 kowacce, "tana" ta samu 0.035, "da" sifili. A T2 kuma "da", wadda ta fi kowa fitowa, ta tashi da sifili, "haske" da "zafi" 0.018 kowacce, sauran biyar 0.048 kowacce.

Yanzu a koma kan "me ke da sanyi". Hanya mafi sauƙi ta ba takarda maki ita ce a tara nauyin kalmomin tambayar da ke cikinta. T1 sifili, T2 sifili, T3 0.095. Takardar da ɗanyen ƙirge ya sa a gaba ta fita daga jerin kwata-kwata.

## Inda ƙaramin misali ke yaudara

Lambobin T2 suna da wani abin da bai kamata a tsallake ba. "Wata" ta samu 0.048, haka ma "yana", "ba" da "shi". A idon lissafin, waɗannan ƙananan kalmomi suna da muhimmanci daidai da jigon takardar. A T1 ma "tana" ta ninka "haske" nauyi.

Ƙa'idar ba ta yi kuskure ba, shaida ce ta yi mata kaɗan. Da takardu uku, IDF ba ta da matakin da ya wuce uku, kuma ba ta da yadda za ta san cewa "shi" kalma ce ta yau da kullum tunda sau ɗaya ta gan ta. A tarin takardu miliyan, in aka ƙaddara "shi" tana cikin 900,000, IDF ɗinta zai sauka zuwa 0.046, yayin da kalmar da ke takardu dubu ke da 3. Misalin takardu uku yana da kyau wajen koyon matakai, amma ba a yanke hukunci da shi kan ingancin hanyar.

Wani abin da ƙaramin tari ke nunawa ƙarara shi ne cewa nauyin kalma ba mallakin takardar ba ne ita kaɗai. A ƙara takarda ta huɗu mai cewa "Rana ta faɗi." N ya zama 4. "Rana" yanzu tana takardu biyu, IDF ɗinta ya sauka daga 0.477 zuwa 0.301, nauyinta a T1 ya koma 0.075 daga 0.119. "Da" kuwa ba ta cikin sabuwar takardar, don haka ta daina zama a ko'ina: IDF ɗinta ya tashi daga sifili zuwa 0.125, ta samu nauyin 0.031 a T1. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a T1 ba, amma duk lambobinta sun motsa. Wannan ne ya sa ba a kwatanta nauyin da aka lissafa a wani tari da wanda aka lissafa a wani. Kalmar "zazzaɓi" tana da nauyi a tarin labaran wasanni, a tarin rahotannin likitoci kuwa kusan ba ta bambanta komai.

## Daga ina aka samo shi

Ƙirgen biyu ba tare aka haife su ba. Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ne ya gabatar da tunanin TF a 1957 da 1958, lokacin da yake neman hanyar da na'ura za ta tsamo muhimman kalmomi da jimloli daga rubutun kimiyya. Shi ma ya lura cewa kalmomin da suka fi kowa yawa ba su da amfani, sai ya riƙa yanke su daga sama.

IDF ta zo ne a 1972 daga Karen Spärck Jones ta Jami'ar Cambridge, a wata maƙala da ta buga a mujallar Journal of Documentation. Abin da ta kawo sabo shi ne cewa keɓantuwar kalma abu ne da za a iya aunawa da ƙididdigar yadda ake amfani da ita a tarin, ba sai an koma ga ma'anarta ba. Gerard Salton da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell, masu tsarin bincike na SMART, su ne suka yi ta gwada haɗin biyun ta fuskoki daban-daban har ya zama abin da kowa ke koyarwa. Tun daga wancan lokaci ba a taɓa samun ƙa'ida guda da aka ce ita ce TF-IDF ba. Iyali ne na ƙa'idoji masu tunani ɗaya.

## Me ya sa lambobin manhaja suka bambanta

Bambanci mafi sauƙi shi ne tushen `log`. Wasu suna amfani da 10, wasu 2, wasu `ln`, wato `log` mai tushe kusan 2.718. Da `ln`, matakanmu uku za su zama 0, 0.405 da 1.099. Wannan ba ya sauya jerin takardu, domin duk lambobin da adadi ɗaya aka ninka su.

Bambancin da ke da tasiri shi ne abin da ake yi da sifili. Akwai sifili iri biyu da ke damun masu rubuta manhaja. Na farko, kalmar da ba ta cikin ko takarda ɗaya, irin "me" da "ke" na tambayarmu: df ɗinta sifili ne, kuma ba a raba lamba da sifili. Na biyu, kalmar da ke kowace takarda, wadda ƙa'idar ke sharewa. Manhajar scikit-learn, wadda ɗalibai da yawa ke fara gwaji da ita, ta magance duka biyun da wannan ƙa'ida:

```
idf = ln((1 + N) / (1 + df)) + 1
```

Da ita, matakanmu uku sun koma 1, 1.288 da 1.693. Sannan ba ta raba ƙirge da adadin kalmomin takarda. Tana ninka ɗanyen ƙirge da IDF ne, daga baya ta daidaita lambobin kowace takarda yadda in aka ninka kowacce da kanta aka tara za a samu 1. Ana iya gwadawa:

```python
from sklearn.feature_extraction.text import TfidfVectorizer
t = ["Rana tana da haske, rana tana da zafi.",
     "Wata yana da haske da dare, ba shi da zafi.",
     "Ƙanƙara tana da sanyi sosai."]
v = TfidfVectorizer()
x = v.fit_transform(t)
print(v.get_feature_names_out())
print(x.toarray().round(3))
```

A T1, "rana" za ta fito da 0.672, "tana" 0.511, "da" 0.397, "haske" da "zafi" 0.255. A T2 abin ya fi haka: "da" ce kan gaba da 0.581, "wata" na biye da 0.328. Kalmar da lissafin hannu ya ba sifili ita ce manhajar ta ɗora a saman takardar.

Kowane ɓangare yana da hujja. Masu barin sifili suna cewa kalmar da ba ta bambanta komai ba ta cancanci komai ba. Masu ƙara 1 suna cewa a ƙaramin tari, ko tarin da duk kan batu ɗaya yake, kalma mai muhimmanci tana iya shiga kowace takarda, kuma share ta asara ce: in duk takardun kan rana suke, ƙa'idar farko za ta jefar da "rana" ita kanta. A babban tari saɓanin yana raguwa, domin IDF na baƙin kalmomi yana yin nisa da 1. A takardu uku kuwa ratar da ke tsakanin 1 da 1.693 ba ta isa ta danne kalmar da aka maimaita sau uku ba.

Akwai saɓani a ɓangaren TF ma. Kalmar da ta fito sau 10 ta ninka wadda ta fito sau 1 muhimmanci sau goma? Kusan kowa ya yarda a'a. Wasu suna sa `log` a kan TF ɗin shi ma. Hanyar da ta fi karɓuwa a injunan bincike ita ce BM25, wadda Stephen Robertson da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a shekarun 1990 a tsarin Okapi na Jami'ar City da ke Landan. A cikinta makin maimaituwa yana da rufi. Da saitin da aka saba, a takarda mai matsakaicin tsawo, fitowa ɗaya tana ba da 1, fitowa biyu 1.375, fitowa goma 1.96, kuma ko sau dubu aka maimaita ba za a wuce 2.2 ba. Manhajar Lucene, wadda injunan bincike da dama ke zaune a kanta, ta koma BM25 a matsayin zaɓin farko a 2016. IDF dai tana nan a cikin BM25, an ɗan sauya mata fasali ne.

## Abin da lissafin ba ya gani

A nemi "zafi" a tarinmu. T1 za ta samu 0.022, T2 0.018, kusan kunnen doki. Amma T2 cewa ta yi wata ba shi da zafi. Da zarar an yanka jimla kalma-kalma, tsarin kalmomin ya tafi, kuma "ba shi da" ba ta da sauran alaƙa da "zafi". Ga TF-IDF, jimlar da ta tabbatar da abu da wadda ta kore shi kusan ɗaya suke.

Haka kuma, kalma a wurinsa jerin haruffa ce kawai. Wanda ya nemi "hasken wata" ba zai samu maki daga "haske" ba, domin "hasken" da "haske" kalmomi biyu ne a ƙirge, haka "rana" da "ranar", "zafi" da "zafin". Wanda ya rubuta "kankara" ba tare da lanƙwasa ba ba zai samu T3 ba ko kaɗan. Kishiyar wannan ma tana faruwa, wato kalmomi biyu su haɗe su zama ɗaya. A tarinmu "wata" na sama ne. A babban tarin rubutun Hausa kuwa "wata" ta "wata rana" da "wata mata" za ta cika kusan kowace takarda, ta jawo IDF ɗin ƙasa, watan sama ya rasa nauyinsa tare da ita.

Matakin yanka kalmomi ma yana da nasa tarko. A saitin farko, `TfidfVectorizer` yana jefar da duk kalma mai harafi ɗaya, kuma yana yanke kalma a wurin alamar hamza. Ke nan "sa'a" za ta koma "sa", "ma'ana" ta rabu zuwa "ma" da "ana". Manhajar ba za ta yi gargaɗi ba, lambobi za su fito tsaf kamar komai lafiya.

## Abin da wannan ke nufi ga mai amfani

Manyan injunan binciken intanet na yau suna duba abubuwa da yawa bayan ƙirgen kalmomi. Amma akwatin bincike na ɗakin karatu, na rumbun takardun ofis ko na shafin jarida sau da yawa a kan wannan iyali na ƙa'idoji yake tafiya. Ga mai nema a irin waɗannan wurare, kalma ɗaya keɓantacciya, kamar sunan magani, lambar doka ko sunan mutum, ta fi doguwar jimla aiki, domin yawancin kalmomin da ke cikin jimlar, nauyinsu kusa da sifili yake. In bincike bai dawo da komai ba, abin da ya kamata a fara gwadawa shi ne wata siga ta kalmar: da lanƙwasa da babu, tilo da jam'i, da ɗafin -n ko -r da babu.

Ga mai rubutu da ke son a samu rubutunsa, cusa kalma ɗaya sau talatin ba ya biya kamar yadda ake zato. Rufin BM25 yana cinye ribar tun daga maimaici na uku ko na huɗu, kuma in kowa ya cusa kalmar, df ɗinta ya hau, nauyinta ya faɗi ga kowa.

Wanda ke gina irin wannan tsari kuma yana da hanya mai arha ta gane ko abu ya lalace, ba tare da jiran koke ba. Ya jera kalmomin tarin bisa IDF, ya karanta ƙarshen jerin biyu da idonsa. A ƙasa ya kamata ya ga "da", "a", "na", "ta" da ire-irensu. In ya ga kalmar da ita ce ainihin batun tarin a can, to ya san bincike da ita ba zai bambanta komai ba. A sama kuma, inda df yake 1, yawanci ba kalmomi masu zurfi ke zaune ba: kurakuran rubutu ne, da lambobin shafi, da gutsattsarin kalmomin da aka yanke ba daidai ba, domin kuskuren rubutu shi ne kalmar da ta fi kowace ƙaranci. Shi ya sa a babban tari ake yawan sa `min_df=2` ko sama da haka, a zubar da duk kalmar da ba ta kai takardu biyu ba. A tarinmu na uku wannan saiti zai kwashe kalmomi 9 daga cikin 13, har da "rana", "wata" da "ƙanƙara", ya bar "da", "tana", "haske" da "zafi", don haka sai an dubi girman tarin kafin a zaɓi lambar.